Ƙullin maganin gajiya da ya tsayar da ƙodar wani manomin shinkafa a ƙasar Argungu

Majinyacin dattijo ne ɗan shekara 58, manomin shinkafar rani a fadamar da ke kusa da Argungu. Babban ɗansa ne ya kawo shi asibitin da nake aikin haɗa magunguna, a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Kabi ke haura digiri 40 da rana. Kwana huɗu ya yi yana amai, jiki ba ƙarfi, ga shaƙuwa da ta ƙi barinsa. Ɗan ya ce tun jiya da safe sau ɗaya mahaifinsa ya yi fitsari, shi ma ɗan kaɗan, ja kamar ruwan shayi. Da likita ya tambayi kalar bayan gida, sai dattijon ya sunkuyar da kai, ɗan ne ya amsa: baƙi ƙirin, mai danƙo, mai wari.

Awon jininsa 96 bisa 60 ne, ga mutumin da aka sani da hawan jini. Bugun zuciya 112 a minti ɗaya, harshe a bushe, cikin ido ya yi fari. Sakamakon ɗakin gwaji ya nuna kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke fitarwa wanda ake auna aikinta da shi, ya kai 430. A katinsa na asibiti an rubuta 98 a watan Janairu, kuma na namiji mai lafiya yakan tsaya tsakanin 60 da 110. Fotashiyam, wani gishiri da ke cikin jini, ya kai 6.4, alhali bai kamata ya wuce 5.0 ba. Yawan jini kashi 25 cikin ɗari. A taƙaice, ƙodar da ke lafiya lau wata uku da suka wuce ta kusa tsayawa, ciki na zubar da jini, zuciya kuma tana cikin haɗari saboda fotashiyam.

Abin da yake sha

Katinsa ya nuna shekara uku yana karɓar magani biyu na hawan jini. Na farko lisinofiril, miligiram 10 sau ɗaya a rana. Na biyu ƙwayar nan ta sa fitsari mai haɗin amilorayid miligiram 5 da haidirokulorotayazayid miligiram 50, wadda kusan duk mai hawan jini a ƙasar nan ya san ta. Yana shan su a kan ƙa'ida, kuma jininsa ya daɗe yana zaune wajen 130 bisa 80.

Likita ya tambaye shi ko yana shan wani magani ban da waɗannan, ya ce a'a. Ni ma da na zo na tambaya, amsar ke nan. Ba ɓoyewa yake yi ba. A wurinsa magani shi ne abin da aka rubuta a kati aka karɓa ta taga. Sai na sake tambayar ta wata fuska.

«Baba, in kun taso daga fadama jiki ya yi tsami, me kuke sha?»

«A'a, wannan ai na gajiya ne, ɗana. Ƙulli guda da safe, guda da dare. In ban sha ba gwiwar nan ba ta barina in tashi.»

Ɗan ya zaro leda daga aljihun rigar mahaifinsa. Ƙulli uku suka rage, kowanne da ƙwaya shida a ciki: kafso ɗaya, wata ƙwaya mai ruwan ƙasa, wata ruwan hoda, babbar fara, wata 'yar mitsitsiya fara, da wata rawaya. Babu suna, babu kwali, babu ranar lalacewa. Ƙwayar da aka ɓare daga katinta ba a rantsuwa a kan sunanta da ido, don kamfanoni da yawa na yin kala iri ɗaya. Saboda haka na roƙi ɗan ya hau babur ya koma wurin mai shagon, ya ce masa ba rigima ta kawo shi ba, ya nuna masa kwalayen da yake ɓarowa, ya ɗauko hotonsu da waya. Kafin la'asar hotuna sun iso. Kafson firoksikam ne miligiram 20. Mai ruwan ƙasa dikulofenak 50. Ruwan hoda ibufurofen 400. Babbar fara farasitamol 500. 'Yar ƙaramar dekzametason rabin miligiram. Rawayar kuma bitamin ce.

Uku daga cikin shidan, firoksikam da dikulofenak da ibufurofen, dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya, hanyar da suke bi a jiki ɗaya. Haɗa su ba ya ƙara kashe ciwo yadda mai sayarwa ke zato, illar ce kawai ke taruwa. Firoksikam kaɗai iyakarsa miligiram 20 a rana, kuma yana da nauyin fita daga jiki, sai ya yi kusan kwana biyu kafin rabinsa ya bar jini. Dattijon nan 40 yake sha kullum, ga sauran biyun a kai, har mako uku, tun da aikin ban ruwa da korar tsuntsu ya tsananta.

Akwai wani abu da ya faru a tsakiyar makonnin nan uku wanda ya fi komai tsaya mini a rai. Kwana goma da fara shan ƙullin, ranar ganin likitansa ta zagayo. Aka auna jini aka samu 160 bisa 96, ƙafafu sun ɗan tasa. Dangin dikulofenak suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna kuma rage ƙarfin yawancin magungunan hawan jini, don haka hawan da kumburin aikin ƙullin ne. Amma layi ya yi tsawo, ba wanda ya tambaye shi abin da yake saye a waje, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Aka ɗauka ciwon ne ya ƙaru, aka ninka lisinofiril zuwa miligiram 20. Ƙa'ida ita ce a gwada kiriyatinin da fotashiyam mako ɗaya zuwa biyu bayan an fara wannan magani ko an ƙara shi. An rubuta masa gwajin, kuɗin ya tafi wajen man injin ban ruwa.

Yadda magani uku suka taru a kan ƙoda

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Jini na shiga kowace matata ta wata siririyar jijiya, ya fita ta wata. Tacewa ba ta yiwuwa sai da matsi a cikin matatar, matsin ne ke tura ruwa da datti su ratsa su zama fitsari. A rana ɗaya ƙodoji biyu na tace kimanin lita 180, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita bai fi lita ɗaya da rabi ba.

Da na zo yi wa ɗan bayani sai na ɗauko abin da ya sani. Fangalin shinkafa yana riƙe ruwa ne da abu uku: ruwan da ke cikin rijiya, bakin da ruwa ke shiga, da bakin da yake fita. In rijiya ta ja baya, manomi yakan buɗe bakin shiga sosai, ya ɗan toshe na fita, sai fangali ya ci gaba da riƙe ruwa. Haka ƙoda ke yi idan ruwan jiki ya ragu. Tana sakin wani sinadari, furostagilandin, ya buɗe jijiyar shiga. Wani kuma, anjiyotensin, ya matse jijiyar fita. Da waɗannan dabaru biyu take ci gaba da aiki ko mutum ya wuni cikin rana yana zufa.

To, ƙwayar sa fitsari tana rage ruwan rijiyar. Lisinofiril yana hana jiki yin anjiyotensin, sai bakin fita ya zauna a buɗe. Wannan ba aibu ba ne, da gangan ake so, don sauke matsin nan ne ke kare ƙodar mai hawan jini da mai ciwon suga a tsawon shekaru. Da waɗannan biyu dattijon ya yi shekara uku lafiya, saboda ƙodarsa tana da sauran dabara ɗaya, buɗe bakin shiga. Dangin dikulofenak kuwa suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki yin furostagilandin. Ranar da ya fara shan ƙullin, ya ƙwace wa ƙodar dabararta ta ƙarshe: ruwa kaɗan, bakin shiga a tsuke, bakin fita a wangale. Ga zafin bazara, ga mutumin da ke wuni a fadama da 'yar gorar ruwa ɗaya. Da amai ya zo ya ƙara kwashe ruwan da ya rage, sai tacewa ta faɗi warwas.

Wannan haɗi sananne ne a wurin likitoci. A shekarar 2013 mujallar likitocin Birtaniya ta buga wani bincike da ya bi bayanan kusan mutum rabin miliyan masu shan maganin hawan jini. An samu cewa waɗanda suka haɗa nau'ukan nan uku haɗarin tsayawar ƙodarsu farat ɗaya ya ƙaru da kashi 31 cikin ɗari, kuma a kwana talatin na farko ƙarin ya kai kashi 82. Wannan a ƙasa mai sanyi ke nan, inda mutum ke shan maganin ciwo guda ɗaya a kan ƙa'ida. Namu ya sha uku a lokaci guda, a watan Afrilu.

Fotashiyam ɗin ma daga nan ya fito. Ƙoda ce ke fitar da shi. Lisinofiril yana sa jiki ya riƙe shi, amilorayid ma aikinsa ke nan, an sa shi a ƙwayar ne don ya hana haidirokulorotayazayid zubar da fotashiyam da yawa. Dangin dikulofenak su ma suna ɗaga shi. Muddin ƙoda na aiki, tana iya daidaita lamarin. Da ta tsaya sai ya taru. Abin tsoro da fotashiyam shi ne ba ya ciwo. Mutum zai ji kasala da nauyin ƙafafu kawai, alhali bugun zuciyarsa na gab da rikicewa, kuma idan ya haura 6.5 zuciya na iya tsayawa ba sallama. A takardar awon bugun zuciyar dattijon an riga an ga alamar, wasu tudunni sun yi tsini sun miƙe sama.

Cikin kuma labarinsa gajere ne. Furostagilandin ɗin nan dai shi ne ke sa tumbi ya yi majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da yake narka abinci da shi. An hana jiki yin sa da magani uku, an ƙara da dekzametason, wanda haɗa shi da dangin dikulofenak ke ninka haɗarin gyambon ciki. Yawanci kuma da safe yake haɗiye ƙullin da ruwa, ciki ba komai, ya wuce gona. Baƙin bayan gidan jini ne da ya narke a hanji. Ya ce bai ji wani ciwon ciki mai tsanani ba, kuma ba mamaki, tunda abin da ke huda cikin shi ne ke danne zafin.

Kuskure na biyu a gida

Da amai ya fara, mutanen gida suka ce taifot ne. Aka sayo sifurofulokzasin miligiram 500, da kwalbar farin maganin olsa mai magniziyam saboda yana kukan ƙwannafi. Matarsa takan ba shi ƙwayar, ta bi da cokali biyu na farin maganin, ta kawo fura da nono don kada ciki ya zauna wayam. Niyya mai kyau ce, amma magniziyam da alminiyam da ke cikin maganin olsa suna kama sifurofulokzasin tun a cikin hanji su ƙulle shi, mafi yawansa ya fita ta bayan gida bai shiga jini ba. Sinadarin kalsiyam na nono da madara shi ma yana rage shi, haka ƙwayar ƙarin jini mai ƙarfe da ake ba masu juna biyu. Kafson nan ja da rawaya, tetirasaikilin, shi ma haka yake da nono da maganin olsa. Gyaran mai sauƙi ne: a sha sifurofulokzasin awa biyu kafin maganin olsa, ko awa shida bayansa.

A wurin dattijon, ba taifot ke damunsa ba tun farko, don haka asarar ƙwayar ba ta cuce shi ba. Abin da ya cuce shi shi ne kwana huɗun da aka ɓata, yana amai yana ci gaba da shan lisinofiril da ƙwayar fitsari da ƙullinsa, saboda an taɓa gaya masa kada ya kuskura ya tsallake maganin hawan jini ko da rana ɗaya. Shawarar daidai ce ga mai lafiya. Ga mai amai ko gudawa da ba ya iya riƙe ruwa, akwai magungunan da ake ɗagawa na kwana ɗaya ko biyu har ya koma ci da sha: lisinofiril da danginsa irin su losatan, ƙwayoyin sa fitsari, metfomin na masu suga, da duk dangin dikulofenak. A ganina duk wanda muka miƙa wa waɗannan magunguna ta taga yana da haƙƙin jin wannan magana tun ranar farko, tare da gargaɗin ya zo asibiti in abin ya wuce kwana biyu.

Abin da aka yi a gadon asibiti

Matakin farko bai ci ko sisi ba: an tsayar da komai. Lisinofiril, ƙwayar fitsari, ƙullin, sifurofulokzasin, har da farin maganin olsa, don magniziyam ma taruwa yake yi a jinin wanda ƙodarsa ba ta aiki.

Sai aka bi abin da zai fi saurin kisa. An yi masa allurar kalsiyam gulukonet ta jijiya a hankali. Ita ba ta rage fotashiyam, tana dai kare zuciya na ɗan lokaci. Aka bi da insulin ma'auni 10 haɗe da ruwan suga mai kauri, wanda ke tura fotashiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki na 'yan awanni, ana auna sugansa a kai a kai don kada ya faɗi. Aka sa masa robar fitsari don a riƙa auna abin da ke fita, aka ɗaura ruwan gishiri. Ruwan ba sakinsa ake yi kawai ba. Bayan kowace leda likita yakan saurari ƙirji ya duba jakar fitsari, domin ƙodar da ta ƙi buɗewa in aka cika ta da ruwa, huhu yake komawa. Don ciki kuma aka fara omefirazol ta jijiya.

A awa 24 na farko fitsarin da ya taru bai kai mililita 400 ba. Yawan jininsa ya sauko daga 25 zuwa 20, abin da ya tayar wa ɗan hankali. Aka yi masa bayani cewa bushewar jiki ce ta sa na farkon ya nuna sama da gaskiya, da ruwa ya shiga sai ainihin ƙarancin ya bayyana. Ƙannensa biyu suka ba da jini. Likita ya gaya wa iyalin a fili cewa in fotashiyam ya sake hawa, ko numfashi ya fara wuya, ko hankalinsa ya fara gushewa, to sai dai a ɗauke shi zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato don wankin ƙoda, su fara shiri.

Allah ya taƙaita. A rana ta biyu da dare fitsari ya fara zuwa, a ta uku ya haura lita ɗaya, fotashiyam ya dawo 5.1. Kiriyatinin ya fi nawa: 390, sai 280, sai 190 ranar da aka sallame shi bayan kwana tara. Shaƙuwar ta tafi tare da saukar dattin jini.

Alamun da suka zo da wuri

In aka koma baya, jikin dattijon ya yi ta magana. Jinin da ya shekara uku a zaune ya tashi cikin kwana goma ba tare da ya daina shan magani ba. Duk lokacin da haka ta faru, tambayar farko ita ce me ya shigo sabo: maganin ciwon jiki, maganin mura mai buɗe hanci, dekzametason ko firedinisolon da wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓɓai. Duk suna ɗaga jini. Takalminsa ya fara matse shi. Daga baya fitsari ya ragu, ga mutumin da ke shan ƙwayar sa fitsari, wanda wannan kaɗai ya isa a zo asibiti. Sai ƙwannafi, rashin son abinci, jiri in ya miƙe, da baƙin bayan gida.

Ya kamata a bambanta wannan da illar da magani ɗaya ke yi shi kaɗai. Lisinofiril yana sa wasu busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, kusan mutum ɗaya cikin goma, kuma maganin tari ba ya yi masa komai, sai dai likita ya canza ƙwayar. Wani lokaci, ba kasafai ba, yana kumbura leɓe da harshe, wannan kuwa na gaggawa ne. Irin waɗannan illoli suna rubuce a takardar cikin kwali. Illar haɗuwa ta fi wuyar kamawa, saboda kowane magani in ka ɗauke shi shi kaɗai ba ka ga laifinsa ba, kuma sau da yawa mutum biyu ne suka ba da su, kowa bai san da na ɗayan ba. Likita bai san da ƙullin ba. Mai shago bai san da katin asibiti ba, bai kuma tambaya ba. Ba na cikin masu cewa a rufe shagunan magani na ƙauye, don a garuruwa da yawa su ne kaɗai abin da talaka ke iya kaiwa gare shi da dare. Amma ɓare ƙwayoyi a ƙulla a leda ba suna, wannan ba shi da wata kariya. Dokar sayar da magani a irin waɗannan shaguna ta ce a sayar da shi cikin kwalinsa ko katinsa na asali.

Wasu haɗe-haɗen da ke zuwa tagarmu

Akwai guda huɗu da nake yawan tarewa, kowanne da hanyarsa. Rifamfisin, wanda ke cikin maganin tarin fuka na wata shida, yana zaburar da hanta ta riƙa narka wasu magunguna da sauri. Macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko mai ashanar hannu, tana iya ɗaukar ciki tana tsakiyar jinyar tari, kuma tasirin yana nan har kusan mako huɗu bayan an gama. Allurar wata uku da robar mahaifa ba ya taɓa su, don haka su ake komawa.

Filajil kuwa akasin haka yake yi wa wafarin, maganin tsinka jini da ake ba waɗanda aka yi wa aikin zuciya ko masu daskarewar jini a ƙafa. Yana hana hanta narka shi, sai ya taru, mutum ya fara haɓo, dasashi na jini, fitsari ya yi ja. Mai shan wafarin ba ya sayen filajil don gudawa, ba ya kuma shan asfirin ko dikulofenak sai da sanin likitansa.

Tiramol da diyazefam da kodin duk suna danne numfashi, haɗa su na iya sa mutum ya yi barcin da ba a tashi. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma har yanzu ana kawo mana samari a sume da irin wannan haɗi. Na huɗun shi ne ƙwayar ƙarfin maza, sildenafil, tare da maganin ciwon ƙirji na dangin naitiret, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe. Dukansu suna buɗe jijiyoyi, haɗuwarsu na iya kayar da jini ƙasa nan take. Wannan ya fi wuyar tarewa, don da wuya magidanci ya faɗa maka yana shan na farkon.

Sallama da abin da ya biyo baya

An sallami dattijon da amlodifin miligiram 5 a madadin magungunansa biyu na da, saboda shi ba ya sauke matsin cikin matatar ƙoda kuma ba ya ɗaga fotashiyam. An ba shi omefirazol na mako takwas, da ƙwayar ƙarin jini. An gaya masa baƙin bayan gida na iya dawowa saboda ƙwayar ƙarfen, amma nata ba shi da danƙo da warin na jini, in ya ga mai danƙo ko ya ji jiri ya taho.

Gwiwar ita ce matsalar da ba a gama da ita ba, kuma ita ce ta kai shi shagon tun farko. In aka hana shi ƙulli ba a ba shi wani abu ba, zai koma. Aka tsayar masa da farasitamol, ƙwaya biyu na 500 sau uku a rana in ciwo ya taso. Na nuna wa ɗan cewa iyakar farasitamol giram 4 ne a rana ga babba, kuma yawancin magungunan mura da na ciwon kai suna ɗauke da shi a ciki, don haka ana iya wuce iyaka ba a sani ba, hanta ta ɗauki dukan. Na kuma nuna masa cewa wasu ƙwayoyin da ake kira na ciwon jiki haɗin farasitamol ne da ibufurofen ko dikulofenak, sai ya karanta ƙananan rubutun bayan kati kafin ya saya. A bangon katin asibitin na rubuta sunayen da aka hana shi da manyan baƙaƙe, na ce a nuna wa duk wanda zai ba shi magani, ko a asibiti ko a shago. Duk ranar ganin likita kuma a zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya a zo da shi, har da jiƙo da garin gargajiya.

«To ɗana, in gwiwar ta ƙi fa?»

«Sai ku dawo, Baba. Akwai man shafawa, akwai allurar cikin gwiwa da likitan ƙashi ke yi, akwai motsa jikin da za a koya muku. Amma tsugunon fangali ku bar wa yara bana.»

Bayan mako shida kiriyatinin ya tsaya a 136, bayan wata uku 132. Bai koma 98 ba, kuma mai yiwuwa ba zai koma ba, wani sashe na matatun ya tafi. Jininsa a kan amlodifin kaɗai yana wajen 148 bisa 90, aka ƙara shi zuwa miligiram 10. Gwajin fitsari ya nuna furotin kaɗan yana zuba, wanda ke nufin ƙodar za ta amfana da lisinofiril nan gaba, maganin da aka tsayar ranar da aka kwantar da shi. Likita ya yanke cewa za a dawo da shi da miligiram 2.5 bayan damina ta zauna zafi ya sauka, ba tare da amilorayid ba, kuma ba za a miƙa masa ƙwayar ba sai an ga kuɗin gwajin kiriyatinin da fotashiyam na mako biyu a hannun ɗansa.